Ina Riba Ta Fi Tsayawa: Babban Dandali, Biya Kafin Aike, ko Biya Idan Kaya Sun Iso?

Mai sayar da kaya ta intanet a Najeriya yana da hanyoyi uku a gabansa. Yana iya sanya kayansa a babban dandalin ciniki irin Jumia ko Konga, inda masu saye suke zuwa da kansu amma dandalin ya yanki kamasho a kan kowane ciniki. Yana iya tallata kayan da kansa a Instagram, Facebook ko WhatsApp, ya karɓi kuɗinsa cikakke kafin ya aika. Yana kuma iya yin wannan tallar amma ya yarda mai saye ya biya sai kaya sun iso hannunsa. Yawancin masu sana'ar suna zaɓa ne ta hanyar duban abin da ya fi fitowa fili, wato kamashon dandali, alhali abin da yake raba hanyoyin uku a ƙarshen wata shi ne yawan kayan da suke dawowa da kuma nawa kowace dawowa take ci.

Domin a ga hakan a fili, bari mu ɗauki wata mai sayar da abaya a Kano wadda take saro kowace guda a kan naira 16,000, ta sayar a kan naira 25,000. Idan aka tambaye ta ribarta, za ta ce naira 9,000, kuma wannan amsar ita ce tushen matsalar, domin ragowar da ke tsakanin sari da sayarwa ce kawai, tun kafin a biya kowa. Za mu bi oda 100 ta kowace hanya, ko a wata ɗaya ta same su ko a wata uku, saboda ba a iya ganin illar kayan da aka mayar idan ana lissafi a kan riga ɗaya. Kuɗin talla, kuɗin aike, kamasho da adadin kayan da suke dawowa a wannan lissafi duk alƙaluman misali ne da kowa zai maye da nasa. Akwai kuma kashe-kashe biyu da ba sa canzawa ta kowace hanya aka bi, wato naira 500 ta leda, kwali da takardar suna, da naira 300 ta ɗan sahun da zai kai kayan inda za a karɓe su.

A babban dandali, kamasho ya danganta da rukunin kaya, kuma kayan sawa sukan fi wayoyi da kayan lantarki yawan kaso. Mu ƙaddara kashi 15 cikin 100 ne, wato naira 3,750 a kan abaya ɗaya. Abin da ya kamata mai kaya ta bincika a yarjejeniyarta shi ne ko wannan kason ya haɗa da harajin kayan masarufi, wanda yake kashi 7.5 cikin 100 a Najeriya tun watan Fabrairun 2020. Idan bai haɗa ba, za a ƙara naira 281 a kan kamashon. Sai kuma wani ɗan kuɗi da ake cirewa na sarrafa oda ko gudummawar aike, mu ce naira 700. Babu cajin karɓar kuɗi daban a nan, domin dandalin ne yake karɓa daga mai saye, kuma babu kuɗin talla sai in mai kaya ta ga damar biya don a ɗaga kayanta sama. Idan aka cire waɗannan duka, tare da naira 800 ta shirya kaya da ɗan sahu, abin da ya rage daga naira 9,000 shi ne naira 3,469.

Wannan ma riba ce ta rigar da ta zauna a hannun mai saye. Dandalin yana bai wa mai saye wa'adin 'yan kwanaki da zai iya mayar da kaya, kuma dandalin ne yake yanke hukunci a kan ƙorafinsa, mai kaya ba ta da ta cewa sosai. Mu ce guda 8 sun dawo cikin 100. Kowace ta ci kuɗin leda, kuɗin kaiwa, kuɗin sarrafa oda da kuɗin zuwa ɗauko ta, jimilla naira 1,800. Biyu daga cikinsu sun dawo da tabon hoda a wuya ko da ƙamshin turaren da yake nuna an sa su, don haka dole a karyar da su a kan naira 10,000, a yi asarar naira 6,000 a kan kowace daga uwar kuɗi. Guda 92 da suka sayu sun kawo naira 319,148, dawowar ta kwashe naira 26,400, saura naira 292,748. Ribar kowace oda da aka aika ke nan ba ta kai naira 3,000 ba, ƙasa da sulusin abin da mai kaya take faɗa.

Akwai wani matsi a dandali da ba ya fitowa a takardar biya. Abayarta tana jere ne kusa da wasu masu kama da ita, mai saye kuma yana iya jera su daga mafi araha zuwa mafi tsada da taɓa waya sau ɗaya. Idan ta sauke farashi daga naira 25,000 zuwa 23,000 don kada a bar ta a baya, ragin kashi 8 cikin 100 ne a idon mai saye, amma kamashon da ya ragu bai fi naira 322 ba, don haka naira 1,678 ce ta fita daga ribar naira 3,469. Kusan rabin ribar ke nan ya tafi a ragi ɗaya.

Hanya ta biyu ita ce ta tallata da kanta kuma a biya kafin ta aika. Masu bin wannan hanya sukan yi alfahari cewa ba sa bai wa kowa kamasho, amma a ganina talla kamasho ce da ake biya tun kafin a yi ciniki, kuma ba ta dawowa ko an sayar ko ba a sayar ba. Hanyar auna ta ita ce a raba duk abin da aka kashe a wata, har da abin da aka bai wa masu tallata kaya a shafukansu da kuɗin data, da adadin odar da aka samu. Mu ce naira 200,000 ta kawo oda 100, wato naira 2,000 a kan kowace.

Cajin karɓar kuɗi shi ne mafi sauƙin lissafi, domin kamfanonin da suke karɓar kuɗi ta intanet a madadin mai kaya suna bayyana shi. Paystack, alal misali, tana cire kashi 1.5 cikin 100 da ƙarin naira 100 a kan biyan cikin gida, tana yafe naira 100 ɗin idan kuɗin bai kai naira 2,500 ba, kuma cajin ba ya wuce naira 2,000 komai yawan kuɗin. Inda mutane suke kuskure shi ne cajin yana hawa kan duk abin da mai saye ya biya ne, har da kuɗin aike. Idan aike daga Kano zuwa Abuja ko Legas ya kama naira 3,500 kuma mai saye ya biya naira 28,500 a dunƙule, cajin zai zama kusan naira 528, maimakon naira 475 da za a samu a kan farashin riga kaɗai. Bambancin ƙarami ne, amma yana nufin mai kaya tana biyan caji a kan kuɗin da na direba ne ko na kamfanin aike. Wadda take karɓar tiransifa kai tsaye zuwa asusunta ta tsira daga wannan cajin, abin da ya shafi cinikin kawai shi ne harajin naira 50 da ke kan tiransifar naira 10,000 zuwa sama. Sai dai ita ce za ta riƙa tantance kowane biya da kanta, kuma ƙa'idar a nan ita ce a buɗe manhajar banki a ga kuɗin sun zauna, domin hoton rasit da saƙon alat duk ana ƙirƙirar su. Abaya ɗaya da aka saki a kan alat na bogi ta cinye abin da za a biya Paystack a kan oda 30.

Da cajin naira 528, tallar naira 2,000 da naira 800 ta shirya kaya, ribar rigar da ta zauna ita ce naira 5,672. Wanda ya riga ya biya ba kasafai yake ƙin karɓar kayansa ba, don haka dawowa a nan takan taso ne daga girman da bai yi daidai ba, ko launin da ya bambanta da na hoto. Mu ce guda 4 ne, kuma mai kaya ta mayar da kuɗin rigar ta kuma ɗauki nauyin dawo da ita. Kowace dawowa ta ci talla, ta ci cajin da ba ya komawa idan an mayar wa mai saye kuɗinsa, ta ci leda da ɗan sahu, ta ci naira 3,500 ta dawowa, jimilla naira 6,828. Idan ɗaya daga cikinsu ta lalace aka yi asarar naira 6,000 a kanta, abin da zai rage daga oda 100 shi ne naira 511,200, wato sama da naira 5,100 a kan kowace. A lura cewa dawowa ɗaya a wannan hanya ta fi ta dandali tsada kusan sau huɗu, abin da ya cece ta kawai shi ne ƙarancinsu.

Duk wannan yana tsaye ne a kan sharaɗin cewa mai saye ne yake biyan kuɗin aike. Ranar da mai kaya ta rubuta cewa aike kyauta ne ba tare da ta ƙara farashi ba, ribar kowace oda za ta faɗo ƙasa da naira 1,700, ta koma bayan ta dandali. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin mota ya daina zama wuri ɗaya na tsawon lokaci, don haka alkawarin aike kyauta ɗaukar nauyin farashin da ba ta da iko a kansa ne. Aike ta tasha, a bai wa direba a Unguwa Uku ko a tashar manyan motoci ta Sabon Gari, yakan fi kamfanoni irin GIG Logistics araha, amma mai saye ne zai je tasha ya karɓa, kuma idan ƙunshin ya ɓace babu takardar da za a kama kowa da ita sai lambar wayar direba.

Hanya ta uku ita ce take buƙatar a tsaya a kanta, domin ita ce mafi jan hankali kuma mafi ruɗi. Mai saye yana da hujjarsa, ya sha ganin an tura kuɗi an toshe lamba, kuma Bahaushe ya ce ba a cinikin biri a sama. Saboda haka da zarar an rubuta cewa sai kaya sun iso za a biya, oda takan ƙaru, kuɗin tallar kowace oda kuma ya ragu, mu ce zuwa naira 1,500. Kamfanin aike ko mai babur da zai karɓo kuɗin yakan ɗauki wani abu a kan wannan hidimar, mu ce naira 500. Rigar da aka karɓa aka biya kuɗinta da na aike za ta bar naira 6,200, wanda ya fi na sauran hanyoyin biyu, kuma wannan adadin ne mai kaya take riƙewa a ranta.

Abin da ba ta riƙewa shi ne farashin odar da aka ƙi karɓa. Mutumin da bai saka ko kwabo ba ba ya asarar komai idan ya fasa. Wani wayarsa a kashe take ranar da mai kai saƙo ya iso, wani ya yi tafiya, wata ta ce albashi bai shigo ba a dawo ƙarshen wata, wata kuma ta yi oda a wurare uku ta karɓi wadda ta riga isowa. A kowane ɗaya daga cikin waɗannan mai kaya ta biya naira 3,500 ta zuwa, za ta biya wata naira 3,500 ta dawowa, ga talla, ga leda, ga ɗan sahu, jimilla naira 9,300. Ma'ana, oda biyu da aka ƙi karɓa suna cinye ribar oda uku da aka sayar.

Idan 25 cikin 100 suka dawo, guda 75 za su kawo naira 465,000, dawowar ta kwashe naira 232,500, uku da suka lalace a hanya ko aka buɗe aka gwada su kwashe naira 18,000, a tashi da naira 214,500. Hanyar da ta fi kowace riba a kan riga ɗaya ta zama ta ƙarshe a kan oda 100. Akwai ɗan lissafi mai sauƙi da kowane mai kaya zai iya yi da nasa alƙaluman: a haɗa ribar odar da ta yi nasara da asarar odar da ta dawo, sannan a raba ribar da wannan jimillar. A misalinmu naira 6,200 ne a raba da naira 15,500, a sami kashi 40 cikin 100, kuma wannan shi ne adadin dawowar da idan an kai shi babu riba ko kaɗan. Tun kafin a kai can, da dawowa ta wuce kusan kashi 7 cikin 100 biya kafin aike ya fi riba, da ta wuce kusan kashi 21 kuma dandali ma ya fi.

Masu kare wannan hanya sukan ce yawan ciniki yana rufe asarar, kuma maganar tana da ƙamshin gaskiya, amma sai an auna ta. A kan naira 2,145 kowace oda, sai ta aika kusan oda 240 kafin ta kamo abin da oda 100 na biya kafin aike suka kawo. Hakan yana nufin jarin da ya ninka fiye da sau biyu yana yawo a kan hanya, kuma rigar da ta tafi Fatakwal ta dawo takan yi mako biyu ko fiye ba a iya sayar da ita. Ga kayan da suke da lokaci wannan ya fi kuɗin mota ciwo, domin abayar da aka aika ana saura kwana goma salla ta dawo bayan salla ta riga ta zama kwantai. Kuɗin waɗanda aka karɓa ma sukan kwana a hannun kamfanin aike kafin a turo su, alhali Paystack tana tura kuɗin cikin gida a ranar aiki ta gaba, tiransifa kuwa nan take. Dandali shi ma yana biya ne bayan an kai kaya, bisa jadawalinsa, don haka mai ƙaramin jari da take juya kuɗinta kowane mako za ta ji wannan jinkirin a jikinta.

Akwai tsaka-tsaki da nake ganin ya fi dacewa da wadda masu saye ba su gama saninta ba, wato a karɓi kuɗin aike a matsayin kafin alƙalami, a bar kuɗin riga sai kaya sun iso. Wannan yana aiki ta fuska biyu. Wanda ya tura naira 3,500 yakan ɗaga waya idan aka kira shi, kuma ko ya fasa, kuɗin zuwa ba daga aljihun mai kaya ya fita ba. Idan muka ce tallar kowace oda ta hau zuwa naira 1,800 saboda wasu za su janye, dawowa kuma ta sauka zuwa 10 cikin 100 da guda ɗaya lalatacciya, za a tashi da naira 464,000, fiye da ninki biyu na abin da aka samu ba tare da kafin alƙalami ba. Kiran waya don tabbatar da adireshi, girman riga da ranar da mutum zai kasance a gida kafin a ɗaure kaya shi ma yana rage dawowa, kuma kuɗin katin waya kawai yake ci. A cikin gari ɗaya lissafin ya sha bamban, domin idan mai babur zai kai Hotoro ko Kabuga ya dawo da kayan a rana ɗaya a kan kuɗi kaɗan, asarar ƙin karɓa ƙarama ce kuma biya a bakin ƙofa ba shi da wani haɗari mai yawa.

Kada a ɗauka daga misalin abaya cewa dandali kullum yana baya, domin farashin kaya yana juya sakamakon. Kamasho kaso ne da yake hawa da sauka tare da farashi, talla da aike kuwa kusan adadi ɗaya ne ko kayan na naira 5,000 ne ko na 50,000. A kan hijabin naira 5,000, kamasho da harajinsa da kuɗin sarrafa oda sun kama kusan naira 1,500, alhali tallar naira 2,000 kaɗai ta kai kashi 40 cikin 100 na farashin, kuma da wuya a sami wanda zai biya naira 3,500 ta aike a kan kayan naira 5,000. Da alƙaluman da muka yi amfani da su, hanyoyin biyu suna yin kunnen doki ne a wajen farashin naira 10,000. Ƙasa da haka dandali ya fi sauƙi, ko kuma a haɗa hijabai uku ko huɗu a sayar a matsayin ƙunshi ɗaya don kuɗin aike ya rabu a kansu. Sama da haka tazarar tana buɗewa da sauri. A kan leshin naira 150,000 kamashon kashi 15 cikin 100 ya kai naira 22,500, cajin Paystack kuwa ya tsaya a naira 2,000 saboda iyakar da aka sa masa.

Abu na biyu da yake juya lissafin shi ne wanda ya sake dawowa saye. A dandali mai saye na dandalin ne, kuma ko ya sayi abaya sau biyar a wurin mutum ɗaya za a yanki kamasho sau biyar. Wadda take sayarwa da kanta tana biyan talla ne a karon farko kawai, oda ta biyu daga lambar da ke cikin wayarta tana barin naira 7,672 maimakon 5,672, kuma irin wannan mai saye ya riga ya san girmansa kuma ya daina fargabar biya kafin aike. Saboda haka kayan da ake sake saye, irin su kayan sawa, turare da kayan gyaran jiki, sun fi amfana da hanya ta biyu, yayin da kayan da mutum yake saye sau ɗaya a shekaru, kamar fanka ko na'urar markaɗe, ba su da wannan garaɓasar kuma sun fi dacewa da inda masu nema suke taruwa.

Duk waɗannan iyakokin sun dogara ne a kan lambobi biyu da babu kamfanin da zai bai wa mai kaya, wato nawa take kashewa kafin ta sami oda ɗaya, da kuma oda nawa cikin 100 suke dawowa. Ana samun su ne daga littafin da ake rubuta kowace oda ranar da ta fita, da garin da ta tafi, da hanyar biya, da kuɗin zuwa, da kuɗin dawowa idan ta dawo, da farashin da aka sayar da ita daga baya. Yana da kyau a ware dawowar gari-gari, domin sau da yawa za a tarar cewa garuruwa biyu ko uku ne suke ɗauke da yawancin asarar, kuma a nan ana iya dakatar da biya a bakin ƙofa a waɗannan garuruwan kaɗai a bar shi a sauran. A gurbin kuɗin sari kuma a rubuta abin da za a biya a yau don a sake saro irin kayan, domin idan abayar da aka saro a kan naira 16,000 ta koma 18,000 a wurin dila, naira 2,000 daga abin da ake kira riba ta riga ta zama kuɗin cike jari.